Wasiƙar neman banki ya daina turo bayanin asusu a hoto

Alhaji Sani (Singa):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman gyara a kan wata wasiƙa kafin na kai banki. Na nemi bayanin asusun shago na wata 3, suka turo PDF mai shafi 42, amma duk hoto ne na takardar da aka buga aka sa hatimi aka yi sikan. Mai yi mana lissafi ya ce ba ya iya kwasar komai a ciki sai dai ya bi layi layi yana bugawa da hannu. Ga abin da na rubuta: "Ranka ya daɗe manaja, muna roƙon a riƙa turo mana bayanin asusu mai kyau wanda kwamfuta za ta iya karantawa, ba hoto ba." Ya isa haka?

Malam Nura:
Wa alaikumus salam Alhaji. Bai isa ba, domin kalmar "mai kyau" ita za ta ɓata maka. Ma'aikacin da zai karanta zai ɗauka hoton ne bai fito sosai ba, sai ya sake yin sikan da haske, ya turo maka irin na farko, sai dai ya fi nauyi. Kafin ka rubuta komai, ka tabbatar da irin fayil ɗin da ke hannunka, don wasiƙar ta faɗi abin da ka gwada da abin da ka gani.

Buɗe shi a kwamfuta, ka zaɓi wata lamba da idonka yake gani a shafin farko, misali lambar asusunka. Danna `Ctrl+F` ka buga ta. In ya ce bai same ta ba alhali ga ta nan ƙuru-ƙuru, to babu rubutu a ciki, hoto ne. Sannan ka gwada jan layi ɗaya kamar za ka kwafa. A fayil mai rubutu haruffan ne za su yi shuɗi ɗaya bayan ɗaya. A na hoto ko dai babu abin da zai kamu, ko shafin gaba ɗaya ya kamu kamar katin gayyata. Nauyin ma yana nunawa. Nawa ne nauyin naka?

Alhaji Sani (Singa):
19 MB ya rubuta. Na buga lambar asusun kuma bai samu ba.

Malam Nura:
To magana ta fito. Kusan rabin MB ke nan kowane shafi. Da rubutu ne, shafi 42 da wuya ya kai MB ɗaya. Kuma ka lura, Gmail ba ya barin a tura fayil da ya wuce 25 MB a maƙale da saƙo guda, wato da na wata 6 ka nema da sai sun raba shi gida biyu ko sun matse hoton har lambobin su dushe.

Bashir Kafe:
Ni a ganina wannan bai kai a rubuta wasiƙa ba. Kullum muna yi wa mutane. Ka sa shi a manhajar da ke da OCR, wato mai karanta rubutun da ke cikin hoto, minti biyar ta mayar maka da shi rubutu, ka kai Excel. Google Drive ma yana yi kyauta in ka buɗe shi da Google Docs.

Hajiya Rabi (akanta):
Bashir, abin da ka faɗa gaskiya ne a wasiƙa ko takardar makaranta, inda in harafi ɗaya ya kauce mai karatu zai gane daga ma'anar jimla. Lamba ba ta da ma'anar da za ta cece ta. 170,000 da 110,000 duk lambobi ne sahihai, babu wanda zai kalli ɗaya ya ce ba ta yi kama da kuɗi ba. Kuma inda OCR yake tuntuɓe a bayanin asusu sananne ne: 7 da 1, 8 da 3 ko 6, sifili da harafin O, sai kuma ɗigo da waƙafi, waɗanda a takardar da firinta mai ƙarancin tawada ta buga ba su fi ƙurar da ke kan gilashin sikana girma ba. Ga hatimi da sa hannu da ake dannawa a ƙasan shafi, sau da yawa a kan layuka biyu ko uku na ƙarshe. Ga takardar da ta ɗan karkace, sai kuɗin da ya fita ya faɗa gurbin wanda ya shigo.

Bari na ba da misali da lambobi, don a ga yadda abin yake. A ce a farkon wata akwai 412,300.00 a asusu. Jimlar abin da ya shigo 3,865,000.00, jimlar abin da ya fita 3,940,553.75. Ragowar ƙarshen wata dole ta zama 336,746.25. Yanzu a ce OCR ya karanta cajin tura kuɗi na 53.75, wato naira 50 da harajinta na kashi 7.5, amma ɗigon ya ɓace, ya zama 5375. Lissafinka zai ba ka 331,425.00, giɓin 5,321.25. Mai lissafi zai zauna yana neman wani ciniki na 5,321.25, kuma ba zai taɓa samunsa ba, don babu shi. Dabarar ita ce ka raba giɓin da 99. Zai ba ka 53.75, sai ka san ɗigo ne ya faɗi a layin da ke da wannan adadin. Wannan kuskure guda ke nan. In uku suka haɗu a wata ɗaya, dabarar ba ta aiki, don giɓin ya zama gauraye.

Bashir Kafe:
Amma Hajiya ai kowane layi yana da ragowar kuɗi a gefensa. In ka sa lissafi a Excel zai nuna maka layin da ya karye nan take.

Hajiya Rabi (akanta):
A nan kam ka yi daidai, kuma duk wanda dole ta sa ya yi aiki da hoto, haka ya kamata ya yi. In abin da ya fita yana gurbin C, abin da ya shigo yana D, ragowa tana E, sai ka sa wannan a gurbin F, layi na 3, ka ja shi ƙasa:

```
=ROUND(E2+D3-C3-E3,2)
```

Duk inda bai ba da 0 ba, ka koma hoton ka duba wannan layin. In layuka biyu a jere suka karye da adadi ɗaya, ɗaya da ragi ɗaya da ƙari, to ragowar ce aka karanta ba daidai ba, ba kuɗin ba.

Amma dubi abin da wannan bai kama ba. Bai san kwanan wata ba. Bai san sunan wanda ya turo ba. Bai san lambar shaidar turawa ba, wadda a NIP, tsarin tura kuɗi nan take tsakanin bankuna, lambobi 30 ce a jere. Mai shago a Singa da mutum goma za su turo masa 50,000 a rana ɗaya, abin da yake bambance su shi ne suna da wannan lambar. In dila ya zo ya ce ya biya, da ita za ka nema. Lamba ɗaya cikin 30 ta canza, `Ctrl+F` zai ce maka babu, ka zargi mutum a kan abin da ya biya. Ni wannan ne ya fi damuna, ba wahalar bugawa ba. Shafi 42 in kowanne yana da layi kamar 25, ana maganar layi sama da 1,000. Ko da layi ɗaya cikin ɗari kawai ke samun kuskure, kana da goma a ɓoye.

Sannan loda bayanin asusun mutum a shafukan juya fayil na kyauta ba ƙaramin abu ba ne. Suna, adireshi, lambar asusu, da sunan duk wanda yake ciniki da shi suna ciki.

Ummi:
Ni dai ina ga bankin yana da hujja. In suka ba da mai rubutu ai kowa zai iya buɗewa ya canza 50,000 ta koma 500,000 ya kai ofishin jakadanci ko wurin neman rance. Hoton da hatimi shi ne tsaro. Kada Alhaji ya sa su a abin da doka ta hana su.

Malam Nura:
Ummi, hoton ma ana canza shi, kuma masu yin hakan ba su rasa hanya ba. Wanda yake son tabbatar da bayanin asusu da gaske bankin yake tuntuɓa, ba kallon hatimi kaɗai yake yi ba. Abin da ke kare PDF daga canji shi ne sa hannu na lantarki, wanda in aka taɓa ko harafi ɗaya bayan an sa shi, Adobe Reader zai nuna sa hannun ya lalace. Wannan kuma a kan fayil mai rubutu ake sa shi lafiya lau.

Babu kuma maganar hani, tunda bankuna da kansu suke tura mai rubutu ta imel duk ƙarshen wata, kuma shi kake saukewa daga manhajarsu. Abin da ke faruwa a reshe daban ne. Ma'aikaci ya fitar da bayanin daga kwamfutar banki a matsayin fayil mai rubutu, ya buga shi a takarda don a sa hatimi da hannu, sannan ya yi sikan ya tura. Wato abin da Alhaji yake nema ya riga ya wanzu a kwamfutar ma'aikacin kafin a kai firinta. Ba sabon aiki yake nema ba, cewa yake a tsallake matakai biyu. Ya kamata wasiƙar ta faɗi haka a sarari.

Inda kika yi gaskiya shi ne akwai wuraren da sai mai hatimi suke karɓa. Saboda haka kada ya rubuta "ku daina ba ni mai hatimi". Ya nemi duka biyun, kowanne da amfaninsa.

Kabiru M.:
Akwai tarko ɗaya da ba a ambata ba, kuma shi zai fi kama Alhaji in bai rufe ƙofarsa a wasiƙar ba. Sikana da yawa suna da zaɓin `Searchable PDF`. In ka ce wa reshe kana son wanda ake iya bincike a ciki, sai su danna wannan. Abin da zai zo maka hoto ne a sama, da rubutun OCR a ɓoye a ƙasansa. `Ctrl+F` zai yi aiki, kwafa za ta yi aiki, sai ka saki jiki. Amma abin da ka kwafa ba lambar banki ba ce, hasashen sikana ne, da duk kurakuran da Hajiya ta lissafa. Wannan ya fi hoto zalla haɗari, don hoto zalla ba ya yaudarar kowa.

Yadda ake gane shi: ka ƙara girman shafin zuwa 400%. Rubutu na asali gefen haruffansa zai tsaya sumul komai girman. Na sikan zai yi dishi-dishi, ka ga ɗigo-ɗigon datti da inuwar gefen takarda. A Adobe Reader kuma `Ctrl+D` zai buɗe bayanin fayil, ka duba `PDF Producer`, sau da yawa sunan na'urar sikan ne a wurin. Ga mai Linux, ko wanda ya sa poppler, manhajar sarrafa PDF:

```
pdffonts bayani.pdf
pdfimages -list bayani.pdf
pdftotext -layout bayani.pdf bayani.txt
```

In na farko bai kawo komai ba, hoto ne zalla. In na biyu ya nuna hoto ɗaya babba a kowane shafi, kamar 2480 da 3508, wannan takardar A4 ce da aka yi wa sikan a 300 dpi. Fayil na asali ƙaramin tambarin banki kawai za ka gani a jerin.

Akwai kuma na huɗu: rubutun na asali ne amma an kulle kwafa. A `Ctrl+D` ɗin dai, ƙarƙashin `Security`, za ka ga `Content Copying: Not Allowed`. Kalmar sirri ta buɗe fayil ba matsala ba ce, kariya ce mai kyau. Kulle kwafar ne ya kamata ya roƙa a cire.

Alhaji Sani (Singa):
Allah ya saka da alheri. To yaya zan tsara ta? Ina so ta zama gajera, don na san doguwar takarda ba a karanta ta.

Malam Nura:
Ga yadda zan rubuta ta. Ka sa a juya maka ita zuwa Turanci a kan takarda mai sunan shagon, amma kada mai juyawar ya taɓa sunayen PDF, CSV, XLSX da OCR. CSV da XLSX fayilolin tebur ne da ake buɗewa a Excel.

"Zuwa ga Manajan Reshe. Neman bayanin asusu a fayil mai rubutu na asali. Sunan asusu kaza, lambar asusu kaza.

A ranar kaza mun nemi bayanin asusunmu daga ranar kaza zuwa ranar kaza, kuka turo mana PDF mai shafi 42. Mun gode. Sai dai fayil ɗin hoton takarda ne da aka yi wa sikan, ba a iya bincike ko kwafar lamba daga cikinsa, don haka ba ma iya daidaita shi da littafin cinikinmu.

Muna roƙon a sake turo mana bayanin wannan lokacin a PDF ɗin da kwamfutar banki ta fitar kai tsaye, kafin a buga shi a takarda. Ba ma nufin hoton da aka bi da OCR. In za a sa kalmar sirri ta buɗewa mun amince, amma a bar damar kwafar rubutu. Muna so bayanin kowane layi ya fito cikakke, da sunan mai turawa da lambar shaida. In akwai hali, a haɗa mana da CSV ko XLSX na wannan lokacin.

Muna kuma roƙon a rubuta wannan a kan asusunmu ya zama haka za a riƙa turo mana duk wata, zuwa imel ɗin da ke rajista da ku. Duk lokacin da muke buƙatar mai hatimi za mu nema daban. In akwai caji a sanar da mu kafin a cire."

Sai sa hannu. In asusun na mutum biyu ne ke sa hannu, duka biyun su sa, in ba haka ba za a ajiye ta a ce ba ta cika ba. Ka buga kwafi 2, ka ba da ɗaya, su buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a ɗayan ka tafi da shi. Ka haɗa da shafi ɗaya na wanda suka turo don a ga abin da kake nufi.

Hajiya Rabi (akanta):
Wasiƙar ta yi. Maganar "cikakke" da Malam ya sa tana da muhimmanci, don wasu tsarukan suna yanke bayanin layi in ya yi tsawo, sai sunan mai turawa ya tsaya a rabi.

Gargaɗi ɗaya a kan CSV ɗin, don kada a samu abin da aka roƙa a ɓata shi da hannu. Kada mai lissafinka ya buɗe shi ta danna shi sau biyu. Excel lambobi 15 na farko kawai yake riƙewa, sauran ya mayar da su sifili, to lambar shaida mai 30 ta mutu ke nan, kuma in aka adana a haka ba ta dawowa. Lambar asusu mai 10 da ta fara da 0 ma zai cire mata sifilin. Sai a bi ta `Data` sannan `From Text/CSV`, a mayar da waɗannan guraben `Text` kafin a loda. Kwanan wata ma a duba: in kwamfutar tana kan tsarin Amurka, 03/04 da ke nufin 3 ga Afrilu za ta koma 4 ga Maris, kuma ranakun da suka wuce 12 ne kawai za su tona asirin, don su za su ƙi juyawa. PDF mai rubutun kuma, a sabon Excel akwai `Get Data`, `From File`, `From PDF`, yana kwaso teburin, sai dai a cire kanun da ke maimaituwa a kowane shafi.

Bashir Kafe:
To in suka ce sai ya biya fa? Ko suka yi shiru?

Malam Nura:
A jadawalin caji na Babban Bankin Najeriya da ya fara aiki a Janairun 2020, bayanin asusu na wata-wata kyauta ne, wanda ka nema na musamman kuma bai wuce naira 20 a shafi ba. Shafi 42 naira 840 ke nan. In sun yi shiru, ka shigar da koke a rubuce ka karɓi lambar koken. Bayan mako 2 ba a warware ba, kana da damar kai shi sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin, kuma kwafin nan mai hatimin karɓa shi ne shaidarka.

Kabiru M.:
Malam, a nan ban bi ka ba. Jadawalin maganar farashi yake yi, ba maganar irin fayil ba. In banki ya ce mun ba shi bayanin asusunsa, har da hatimi, me za a ce sun tauye? Ni ina ganin ambaton Babban Banki a wannan zai sa reshe ya ɗauki abin a matsayin rigima, alhali alfarma ce ta minti biyu a wurin mai kula da asusunsa. Kuma tun kafin wasiƙar, Alhaji ya duba shafin bankin na intanet na 'yan kasuwa, mai yiwuwa yana iya sauke wata 3 ɗin da kansa. Wasiƙar ta fi amfani a tsofaffin watannin da manhaja ba ta kai wa.

Malam Nura:
Ban ce ya sa shi a wasiƙar farko ba, kuma ka ga ban sa ba. Amma in an cire maka kuɗi a kan abin da ba ka iya aiki da shi, ka rubuta, aka yi banza da kai, ni ina ganin koke ne mai tushe, ko da shirun kaɗai.

Kabiru M.:
Shirun dai, na yarda. Irin fayil ɗin kam har yanzu ina kan bakana.

Ummi:
Ni tambayata ta rage. In ya nemi a mayar da asusun haka duk wata, wa zai tuna? Ma'aikacin da ya karɓi wasiƙar ana iya canza masa reshe gobe.

Hajiya Rabi (akanta):
Shi ya sa ya fi kyau ya nemi a kunna masa turawar wata-wata da kwamfutar banki ke yi da kanta zuwa imel, don wannan ba ya bi ta hannun kowa balle ta firinta. Ya tabbatar imel ɗin da ke kan asusun shi ne wanda yake buɗewa, domin sau da yawa tsohon adireshi ne na lokacin buɗe asusu, bayanin yana ta zuwa can ba a sani ba. Canza shi kuma fom ne daban da ake cikewa a reshe.

Alhaji Sani (Singa):
Imel ɗin kuwa na ƙanena ne da ya buɗe mana asusun. Zan cike fom ɗin canji ranar da zan kai wasiƙar. Malam Kabiru, in sun turo sabon zan fara da ƙara girman zuwa 400% kafin na ba mai lissafi. Wata tambaya: a shafin intanet ɗin na ga PDF da XLS ne kawai, babu CSV. XLS ɗin ya wadatar?

Hajiya Rabi (akanta):
Ya wadatar Alhaji. Ka sauke duka biyun na lokaci ɗaya, ka duba ragowar farko da ta ƙarshe sun yi daidai a cikinsu, sannan ka ɗauki lambar shaida ɗaya daga PDF ɗin ka neme ta a XLS ɗin ka ga ko duka 30 ɗin sun fito.